RA'AYINMU: A Rubuta Wa Shugaban Makaranta Tun Wata Bai Tsaya Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kusan duk shekara sai an kawo mana kuka iri ɗaya daga ƙauyukan arewacin Kano, ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi: wai an sa wa yara jarrabawa a ranar Sallah, ko washegarinta. Kuma kusan duk shekara kukan yakan zo ne ana jajibiri, lokacin da raguna suka riga suka cika kasuwa, tela ya daina karɓar ɗinki, jadawalin jarrabawa kuwa ya yi wata guda manne a bangon ofishin shugaban makaranta ba wanda ya ɗaga kai ya karanta shi. Sai matasa su fusata, a zauna da daddare a rubuta wasiƙa mai zafi, a kai wa Firinsifal da safe. Shi kuma ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun tebur.

Mu dai matsayinmu a fili yake. Haƙƙin ɗan Musulmi ne ya yi Idinsa tare da iyayensa ba tare da an cire masa maki ba. Neman a ɗage jarrabawar da ta faɗo a kan Sallah ba roƙon alfarma ba ne. To amma mai gaskiya ma yana faɗuwa a shari'a idan bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ko ya zo bayan alƙali ya tashi. Mafi yawan wasiƙun da muka gani a nan suke faɗuwa.

Da farko sai mai karatu ya san daga ina karon yake fitowa. Makarantar boko da kalandar Miladiyya take tafiya, kamar yadda Turawan mulkin mallaka suka bar ta: Lahadi hutu ne tabbatacce, 25 ga Disamba ba ta motsawa, babu mai kuskuren sa jarrabawa a kansu domin suna nan a rubuce da jan tawada tun farkon shekara. Sallah kuwa da wata take tafiya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka kowace shekara Sallah tana matsowa baya da kwana goma zuwa sha biyu. Duba Babbar Sallah a nan Nijeriya: a 2022 ta kama Asabar 9 ga Yuli, a 2023 Laraba 28 ga Yuni, a 2024 Lahadi 16 ga Yuni, a 2025 Juma'a 6 ga Yuni. Lissafi kuma ya ajiye ta 2026 a ƙarshen Mayu, ta 2027 a tsakiyarsa, ta 2028 a farkonsa. Ashe ke nan ta fito daga lokacin NECO ta shiga tsakiyar lokacin WAEC, kuma duk cikin zango na uku ne, zangon da ake yanke wa yaro hukuncin ya wuce aji ko ya maimaita.

A yankinmu wanda yake rubuta jadawalin nan galibi Musulmi ne ɗan uwanmu, tare da shi za a je filin Idi. Ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Ya ɗauko jadawalin bara ne ya sauya kwanan wata, bai duba ko nawa ga Zulhajji za a wayi gari ba. In ka yi masa magana sai ya ce: "Ai in gwamnati ta ba da hutu sai mu ɗaga." Wannan kalma ta "sai mu ɗaga" ita ce cutar. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ba ta sanar da hutun Sallah sai saura 'yan kwanaki. Idan aka sanar, takardun da suka faɗa cikin hutun sai a kwashe su a jibga a ranar farko da aka dawo, uku ko huɗu a wuni ɗaya, alhali rabin ajin suna garin kakanninsu yawon Sallah, wasu suna gida ana suyar nama. Wanda bai zo ba a rubuta masa sifiri. Wannan sifirin kuma ba a nan yake tsayawa ba, domin makin gwaje-gwajen cikin zango na manyan azuzuwan sakandare ana aika shi ga hukumomin jarrabawa.

Bari mu kawo wata wasiƙa da ta yi aiki, wadda mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka zauna aka tsara ta a 2023. Makarantar je-ka-ka-dawo ce ta al'umma a wani ƙauye, irin ƙauyukanmu da gona take manne da gona, gida yana hango gida, yara suna zuwa a ƙafa ko a keke daga unguwanni biyar ko shida. Ba za mu faɗi sunanta ba. An liƙa jadawalin gwajin zango na uku tun farkon zangon: daga Litinin 26 zuwa Juma'a 30 ga Yuni, darussa tara, kuma gwajin yana ɗauke da maki 30 cikin 100 a tsarin makarantar. Wata yarinya 'yar aji biyu ce ta kwafo shi a bayan littafinta, ta nuna wa yayanta da yake koyarwa a Islamiyyar dare. Shi kuma ya ɗauko alƙalami ya yi lissafin da kowane ɗan Islamiyya zai iya yi.

Ɗaya ga Zulƙida ta kama Lahadi 21 ga Mayu. Ke nan 29 ga wata, daren duban jinjirin Zulhajji, Lahadi ce 18 ga Yuni. In an ga wata, Litinin 19 ce ɗaya ga Zulhajji, Arfa Talata 27, Sallah Laraba 28. In ba a gani ba, komai ya matsa da kwana ɗaya, Sallah ta koma Alhamis 29. Babu hanya ta uku, tunda watan Musulunci ba ya gaza 29 ba ya wuce 30. Saboda haka tun saura fiye da makonni biyar an riga an san cewa ko ta wace fuska Sallah a tsakiyar makon gwajin za ta sauka. Ba sai an jira sanarwar fadar Sarkin Musulmi ba kafin a san wannan. Sanarwar za ta zaɓi ɗaya ne kawai daga cikin ranaku biyun da aka riga aka sani.

Wasu daga cikin matasanmu sun so a rubuta a tura nan take da sunan ƙungiya. Dattawa suka ce a'a. Suka tuna mana wata wasiƙa da aka taɓa kai wa wannan makaranta a wata shekara, shafi uku, cike da ayoyi da zargin cewa shugaban yana yaƙar Musulunci, ba kwanan wata ko ɗaya a cikinta, ba kuma sa hannun uban yaro ko guda. Shugaban ya ji an kafirta shi a garin da yake limancin masallacin makaranta, sai ya kafe. An yi gwajin, yara suka faɗi. Wa aka cuta?

A wannan karon sai aka bi ta hannun shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Ga abin da aka rubuta, da Hausa, aka haɗa da kwafin Turanci domin fayil ɗin ofis:

"Zuwa ga Malam Shugaban Makaranta. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yara mun ga jadawalin gwajin zango na uku da aka sa daga Litinin 26 zuwa Juma'a 30 ga Yuni, 2023. Bisa lissafin wata, Babbar Sallah za ta kama Laraba 28 ko Alhamis 29 ga Yuni, ranar Arfa kuma kwana ɗaya kafin nan. Wannan ya shafi takardun Lissafi da Turanci da ke ranar Laraba, da Kimiyya da Aikin Gona da ke ranar Alhamis, da wadda ke ranar Juma'a. Muna roƙon Malam ya dawo da gwajin baki ɗaya zuwa makon da ya gabace shi, daga Litinin 19 zuwa Juma'a 23 ga Yuni, takarda biyu kullum, ɗaya ranar Juma'a da safe a tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Idan hakan bai yiwu ba, muna roƙon a mayar da shi Litinin 3 ga Yuli. Mun ɗauki alkawarin sanar da iyaye sabon lokacin a masallatai, da tabbatar da cewa kowane yaro ya halarta. Za mu zo jin amsa ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya saka masa da alheri kan ɗawainiyar yaranmu. Wassalam."

Shugaban iyaye ya sa hannu, limamin Juma'a ya sa, da iyaye goma sha biyu, uku daga cikinsu da dangwale. Shafi ɗaya ne tak.

Mai karatu zai lura babu aya ko hadisi a ciki. Da gangan ne. Wanda ake rubuta wa ya san darajar Idi, ba wa'azi yake bukata ba, mafita yake bukata. Sa'annan mu ji tsoron Allah a kan abin da muke jingina wa addini. Abin da muka karanta a fikihun Malikiyya shi ne sallar Idi sunna ce mai ƙarfi, lokacinta daga hantsi zuwa zawali. Azumi ne aka haramta a ranakun Idi biyu. Layya kuwa ana yanka ta bayan liman ya yanka tasa, kuma kwanakinta uku ne, ranar Sallah da biyu bayanta. Babu inda aka ce riƙe alƙalami a ranar Idi haramun ne. Wanda ya rubuta haka a wasiƙa ya ba shugaban makaranta sandar da zai doke shi da ita, domin ƙaramin malamin addinin makarantar ma zai warware masa. Hujjarmu ta isa ba tare da ƙari ba: Manzon Allah (S) ya tarar da mutanen Madina suna da ranakun wasa biyu, ya sanar da su cewa Allah ya musanya masu da waɗanda suka fi su, wato Idin azumi da Idin layya. Ranaku biyu ne kacal a shekara, kuma ba a yin su sai cikin jama'a. Yaron da aka zaunar a aji da hantsin Sallah an raba shi da abin da ba a ramawa.

Abin da ya fi komai nauyi a wasiƙar shi ne ranar da aka bayar a madadi. Mai cewa "a ɗage" kawai ya ɗora wa shugaban makaranta kaya ya tafi. Mai cewa "a mayar da ita ranar kaza" ya ɗauke masa rabin kayan. Kuma dawowa da gwajin gaba aka fara nema kafin turawa baya, saboda dalilin da duk ɗan ƙauye ya sani. Bayan Sallah aji ba ya cika da wuri: wannan yana Kano wajen kawunsa, wannan an tafi da ita biki, domin jama'a suna son haɗa aure da hidimar Sallah. Ga shi farkon Yuli a ƙasarmu, in damina ta sauka da kyau, gero da dawa sun tsiro, noman firi ya kama, kuma uba ba zai bar ciyawa ta cinye masa gona saboda gwajin makaranta ba. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai ga 3 ga Yuli rana ce kamar kowace. Ba haka ba ne.

Shugaban bai amince nan take ba, kuma uzurinsa ba na banza ba ne. Ya ce wa shugaban iyaye: "Alhaji, in na dawo da shi baya da mako guda, malamaina sun rasa mako guda na koyarwa. Tambayoyin ma ba a kai su Dambatta an buga ba, kuɗin bugun kuma sai ƙarshen wata nake sa ran su." Alhajin ya ce: "Allah ya gafarta Malam, a yi masu tambaya a kan abin da aka koya masu zuwa ranar, sauran ya shiga jarrabawar ƙarshen zango. Kuɗin bugu kuwa mu za mu ranta daga asusun iyaye." Da wannan aka rabu. An yi gwajin daga 19 zuwa 23 ga Yuni. An ga wata daren Litinin, Sallah ta kama Laraba 28, gwamnatin tarayya ta ba da hutun Laraba da Alhamis. Da an bar jadawalin yadda yake, da takardu huɗu sun hau kan ta Juma'a 30 ga wata, rana ta uku ta layya, ga kuma sallar Juma'a a tsakiya.

A nan sai mu ja kunnen 'yan uwa a kan Ƙaramar Sallah, domin ita lissafinta ya fi wuya. Babbar Sallah goma ga wata ce, da zarar an ga jinjirin Zulhajji kana da kwana tara a hannu. Ƙaramar Sallah kuwa ɗaya ga wata ce, ba ka da tabbas sai daren da za a wayi gari da ita. Gwamnati da kanta tana tuntuɓe a nan. A 2024 ta ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, sai ba a ga wata ba, azumi ya cika talatin, Sallah ta kama Laraba, dole ta ƙara Alhamis 11. Duk makarantar da ta sa wani abu a wannan Alhamis ta dogara da sanarwar farko ta sha kunya. Saboda haka mai rubuta wasiƙa a kan Ƙaramar Sallah kada ya kuskura ya ambaci rana ɗaya. Ya ambaci ranaku biyun da za ta iya kamawa, ya nemi a bar su duka a buɗe tare da washegarinsu. Kuma kada wasiƙar ta shiga rigimar wane ne ya ga wata wane ne bai gani ba. Mun sani akwai garuruwan da sukan sha ruwa kwana ɗaya kafin sanarwar Sakkwato ko bayanta. Neman ranaku biyu ya rufe wannan ba tare da an buɗe bakin kowa ba.

To, duk wannan a kan jarrabawar da ke hannun shugaban makaranta ne: gwajin cikin zango, jarrabawar ƙarshen zango, da ta share fage da ake yi wa 'yan aji shida. Akwai wadda ba shi da iko a kanta ko kaɗan, kuma zuwa masa da fushi a kanta zalunci ne. Jarrabawar tantancewa ta 'yan aji biyar a makarantun gwamnatin Kano daga ma'aikatar ilimi ta jiha take fitowa. Ta NECO daga Minna ake tsara ta. Ta WAEC kuwa hukuma ce ta ƙasashe biyar, Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Takarda ɗaya ce ake buɗewa a sa'a ɗaya a duk faɗin ƙasa. Firinsifal ɗin da ya ɗage ta a makarantarsa ya jawo a soke sakamakon yaransa. Abin da za a nema a wurinsa shi ne ya ɗauki wasiƙar iyaye ya haɗa da tasa ya aika ofishin shiyya, ta hau zuwa ma'aikata, a kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Kada wani ya ce hukumomin nan ba sa ji. A 2018 jadawalin WAEC ya ɗora wasu takardu, har da ta Kimiyyar Sinadarai, a kan lokacin sallar Juma'a. Ƙungiyoyin Musulmi, ciki har da MURIC ta Farfesa Ishaq Akintola, suka yi magana tun watanni kafin a fara, hukumar ta gyara lokacin. A 2022 MURIC ta sake ɗaga murya cewa akwai takardar NECO a ranar Asabar 9 ga Yuli, ranar Babbar Sallah. Hukumar ta fito ta ce ba za a yi jarrabawa a ranar ba, ta kuma bayyana cewa daga Juma'a 8 zuwa Laraba 13 ga Yuli babu takarda ko ɗaya. A duka biyun an yi magana ne tun da sauran lokaci, aka kuma ambaci takarda da rana da sa'a. Ko a birnin New York na Amurka, inda Musulmi tsiraru ne, sai da aka shafe shekaru ana bin hukuma da takardu kafin a sanar a 2015 cewa za a riƙa rufe makarantun gwamnati a ranakun Idi biyu. Abin kunya ne a ce mu da muke garin da ladan yake tashin kowa da asuba har yanzu sai mun rubuta wasiƙa a kan wannan.

Wani abu kuma da bai kamata ya wuce mu ba. A makarantunmu akwai malamai Kirista, musamman masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga Kudu, a wasu garuruwan ma akwai ɗalibai. Mun taɓa jin wani ɗan uwa yana cewa ai sai a mayar da takardar ranar Lahadi tunda mu ba ruwanmu da ita. Wannan ba daidai ba ne. Wanda yake kukan an taka masa ranarsa ba zai nemi a taka ta wani ba, kuma ranar da aka sa jarrabawa a kan bikinsu suka rubuta tasu wasiƙar, ya kamata su same mu a bayansu.

Kiranmu ga shugabannin makarantu shi ne su ajiye kalandar Hijira a gefen ta Miladiyya a ranar da za su zauna tsara zango, su sa malamin Larabci ko na addini ya duba jadawali kafin a liƙa shi. Aikin minti goma ne. Ma'aikatar ilimi ta Kano kuma, jihar da take ba da hutun ɗaya ga Muharram, ba ta da uzurin barin makarantu suna jiran sanarwar rediyo: ta fitar da ranakun da Sallah za ta iya kamawa tun a kalandar farkon shekarar karatu, ta hana sa kowane gwaji a kansu.

'Yan uwa na Islamiyyu kuwa, aikin farko naku ne. A makon farko na kowane zango ku sa ƙannenku su kwafo maku jadawalin da ke bangon ofis, ku zauna da shi da lissafin wata. In kun ga karo, ku nemi shugaban iyaye da liman a makon, ba ranar jajibiri ba. Wasiƙa ta isa ofis aƙalla makonni huɗu kafin ranar, mutum biyu manya su kai ta hannu da hannu, su kuma dawo da kwafin da aka sa wa hannu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.